Kwana Casa'in na Farko a Kujerar Shugaban Sashe: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin malaman manyan makarantu a Kano waɗanda aka danƙa wa shugabancin sashe karo na farko. Misalan da ke ciki na sashen jami'a ne, amma wanda yake kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha zai ga cewa aikin kusan ɗaya ne, sai dai hukumar da ke sa ido ta bambanta: NUC ce ke kula da jami'o'i, NCCE da kwalejojin ilimi, NBTE kuma da makarantun fasaha. An yi maganar da sigar namiji don sauƙin rubutu, amma ta shafi malama kamar yadda ta shafi malam.

1. Mene ne tsarin kwana casa'in, kuma me ya sa casa'in?

Takarda ce gajeriya wadda sabon shugaba yake rubuta wa kansa, ya fayyace abin da zai bincika, da abin da zai gyara, da abin da zai jinkirta da gangan a cikin wata uku na farko. An saba raba ta kashi uku. Wata na farko na karɓar ragama ne da sauraro da ƙidaya, na biyu na zaɓen abin da za a sa a gaba da samun amincewar taron sashe, na uku kuma na kammala aiki ɗaya ko biyu da kowa zai gani da idonsa.

Adadin ya dace da aikin jami'a saboda dalilai biyu. Zangon karatu yakan ɗauki kimanin mako 15 na darasi kafin jarrabawa, don haka wata uku ya ishi mutum ya ga mafi yawan zango guda yana juyawa a hannunsa. Sannan a yawancin jami'o'in Najeriya wa'adin shugaban sashe shekara biyu ne, wato kwana casa'in kashi ɗaya ne cikin takwas na dukkan lokacin da kake da shi. Wanda ya ɓatar da su wajen karɓar masu zuwa murna da sauya labulen ofis zai farga ne lokacin da jarrabawa ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofa.

2. Daga wace rana zan fara ƙirga?

Daga ranar da takardar naɗinka ta ce ka kama aiki, domin daga ranar ne duk abin da ya lalace a sashen yake wuyanka, ko ka shiga ofis ko ba ka shiga ba. Abu na farko da za ka yi shi ne ka ɗauko jadawalin shekarar karatu wanda majalisar malaman jami'a ta amince da shi, ka shimfiɗa kwanakinka casa'in a kansa. Ka sa alama a ranar rufe rajistar ɗalibai, da ranar miƙa tambayoyin jarrabawa, da ranar fara jarrabawa, da ranakun zaman tsangaya da na majalisa. Waɗannan ranaku ba sa jiran kowa, kuma su ne suke nuna maka abin da zai yiwu. Wanda ya kama aiki saura mako uku a fara jarrabawa ba shi da wata guda na sauraro. Jarrabawar ce aikinsa na farko, sauran abubuwa su biyo baya.

Bayan haka ka cire ranakun da a Kano kowa ya san aiki yana raguwa a cikinsu. In azumi ya faɗo a tsakiya, taron yamma ba ya tara mutane, kuma goman ƙarshe da hutun salla sukan cinye kusan mako biyu. Juma'a rabin yini ce. In ka yi wannan lissafi da gaskiya za ka tarar ranakun aikin da ke hannunka ba su fi sittin ba, wani lokaci ma ba su kai ba. Ka kuma riƙa rubuta wa'adinka da makon zango, kamar "mako na shida", tare da kwanan wata, domin jadawali yana iya rushewa gaba ɗaya, kamar yadda yajin aikin ƙungiyar ASUU ya rufe jami'o'in tarayya daga Fabrairu zuwa Oktoba a 2022.

3. Me zan karɓa daga hannun wanda na gada?

Takardar miƙa ragama a rubuce, mai ɗauke da sa hannunku ku biyu, da kwafi ga shugaban tsangaya. Kada ka yarda da miƙawa ta baki a kan hanyar masallaci, komai kusancinku. Ya kamata takardar ta ƙunshi sunayen ma'aikata da matsayin kowa da inda yake a halin yanzu, da yawan ɗalibai aji-aji, da matakin da sakamakon kowane zango ya kai, da ragowar kuɗin ofis da basussukan da ake bin sashen, da jerin kayan aiki, da wasiƙun da ba a amsa ba, da duk wata shari'ar ladabtarwa ko ta satar jarrabawa da ba a rufe ba. Rahoton tantancewa na ƙarshe da hukuma ta aiko shi ma dole ya shiga, saboda dalilin da ke cikin amsa ta 10.

Sa hannu a kan jerin kaya ba tare da ka gan su ba kuskure ne da yake kama mutane bayan shekara biyu, ranar da su ma za su miƙa. Ka ɗauki rabin yini, ka zaga tare da sakataren sashe da mai kula da sito, kuna duba lambar kowace kwamfuta da majigi da injin hoton takardu kuna gwada ta da abin da ke rubuce. Abin da ba a gani ba a rubuta cewa ba a gani ba, wanda ya lalace a rubuta ya lalace. Wannan ba zargin kowa ba ne, kuma wanda ya san aiki ba zai ɗauke shi zargi ba, domin shi ma kariya ce a gare shi. Ka karɓi makullan kabad ɗin jarrabawa da hatimin sashe, ka kuma sa ofishin kula da na'urori ya buɗe maka naka shiga a shafin sakamako na jami'a maimakon ka ci gaba da amfani da kalmar sirrin wanda ya sauka.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takarda. Ka nemi zama na awa guda da tsohon shugaban, ku biyu kawai, ka tambaye shi alƙawuran da ya ɗauka da baki: wanda ya ce wa za a rage masa kwas a zango mai zuwa, da wanda aka yi wa alƙawarin tafiya ƙaro ilimi. Waɗannan mutane za su zo maka, kuma gara ka ji daga bakinsa kafin ka ji daga nasu.

4. Wa zan fara gani, kuma me zan tambaye su?

Shugaban tsangaya ne na farko, domin ta hannunsa duk takardarka take wucewa. Ka tambaye shi kai tsaye abin da ya fi damunsa game da sashenka da abin da yake so ya gani nan da ƙarshen zango. Daga nan sai mutum biyu da sababbin shugabanni suka fi mantawa da su, wato sakataren sashe da jami'in jarrabawa. Sakataren da ya yi shekara goma a ofishin ya ga shugabanni biyar sun zo sun wuce, ya san inda kowane fayil yake da ofishin da takarda take kwana a cikinsa. Jami'in jarrabawa kuma shi ne ya san ainihin wanda ke miƙa maki a kan lokaci da wanda sai an bi shi gida.

Sai malamai ɗaya bayan ɗaya, minti ashirin zuwa talatin kowanne, a ofishinsu ba naka ba. Tambayoyi uku sun isa, kuma ka yi wa kowa iri ɗaya: me ke tafiya daidai da bai kamata a taɓa shi ba, me ke hana ka aikinka, kuma da kai ne a kujerar me za ka fara gyarawa? Amfanin maimaita tambaya ɗaya shi ne bayan ka ji mutum goma za ka iya bambance damuwar sashe da damuwar mutum ɗaya. Ka rubuta abin da ka ji, kada ka yi alƙawari, kada kuma ka kai maganar wani wurin wani. Daga ƙarshe ka zauna da jami'an da ke kula da kowane aji, da masu kula da ɗakin gwaji in kuna da shi, da wakilan ɗalibai. Sashe mai malamai goma sha biyar zai iya gama wannan zagaye cikin mako uku.

5. A sashen akwai farfesoshin da suka koyar da ni. Ta yaya zan shugabance su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi hana mutane barci, kuma ta cancanci hakan. A Kano ba a kiran malamin da ya koyar da kai ofis da takardar umarni kamar kowa. Kai ne za ka tashi ka je wurinsa a makon farko, ka gaishe shi yadda ka saba, "Allah ya gafarta Malam", ka gaya masa an ɗora maka nauyi kuma kana neman shawararsa da addu'arsa. Kujera ba ta soke wannan ladabi ba, kuma bayan shekara biyu za ka sauka ka koma cikinsu.

Amma ladabi daban, ƙa'ida daban. Hanyar da ta fi aiki ita ce ka cire ƙa'idar daga bakinka ka mayar da ita bakin taron sashe. In wa'adin miƙa maki mako uku ne bayan jarrabawa, a yanke shi a taro, a rubuta a cikin bayanan taro, kuma gwargwadon hali ya zama wani babba ne ya kawo shawarar. Don haka ne ake zuwa wurin manya kafin taro, a nuna musu abin da aka gano, a ji ra'ayinsu. Ranar da makin Farfesa ya makara, ba kai kake ba shi umarni ba. Kana tuna masa ne da abin da sashe ya yanke yana zaune, kana kuma tambaya ko akwai wanda za a haɗa shi da shi ya taimaka wajen haɗa maki. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka yi wa ƙananan malamai takardar gargaɗi a kan laifin da ka kau da kai a kansa wurin manya. Ƙananan suna gani, kuma daga ranar ba za su ƙara ɗaukar wa'adinka da muhimmanci ba.

6. Waɗanne alƙaluma zan tattara a wata na farko?

Kaɗan ne, amma dole ka ƙirga su da kanka maimakon ka kwafo daga tsohon rahoto. Bari mu ɗauki misalin da aka ƙirƙira don bayani: sashe a tsangayar kimiyyar zamantakewa mai ɗalibai 420 da malamai 14 a rubuce. A takarda lissafin ya ba da malami ɗaya ga ɗalibai 30, wanda shi ne daidai ma'aunin NUC na wannan fanni. Na kimiyya ɗaya ga 20 ne, na injiniya ɗaya ga 15. Amma da sabon shugaban ya bi sunayen ɗaya-ɗaya sai ya tarar uku suna hutun ƙaro ilimi, ɗaya yana hutun shekara na bincike, ɗaya kuma an ba da shi aro ga wata ma'aikata. Saura tara ke shiga aji. Ainihin lissafin kenan malami ɗaya ga kusan ɗalibai 47.

Daga nan sai ya jera kwasa-kwasan zangon, ya tarar jimillar nauyinsu 72, wato da an raba daidai kowa zai ɗauki takwas. Da ya duba rabon da ke ƙasa sai ya ga ƙananan malamai biyu suna ɗauke da 13 kowanne, alhali wasu biyu suna da huɗu-huɗu. 'Yan ajin ƙarshe 96 ne, kuma malami ɗaya yana duba kundin bincike na mutum 22. Sannan da ya zauna da jami'in jarrabawa sai suka fito da sunayen ɗalibai 38 waɗanda suke da kwas ɗaya ko fiye da babu maki a gabansa, 15 daga cikinsu sun gama karatu suna zaune a gida.

Waɗannan abubuwa huɗu, wato malaman da ke nan a zahiri, da nauyin kowa, da rabon kundin bincike, da sakamakon da ya maƙale, su ne ginshiƙin tsarin. Ka ƙara musu ragowar kuɗi da ranar da tantancewar sashen za ta ƙare. Duk su shiga shafi ɗaya. In sun wuce shafi ɗaya, to ka fara tara abin da ba za ka yi amfani da shi ba.

7. Matsalolin da na gano sun fi goma. Ta yaya zan zaɓi na sa wa a gaba?

Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Ka auna kowace matsala da tambayoyi uku: wa take cutarwa a yau, tana cikin ikon sashe ko sai an jira wani ofis, kuma za a iya ganin ƙarshenta kafin kwana casa'in su cika? Ƙarancin malamai a misalin da ke amsa ta 6 babbar matsala ce, amma ɗaukar ma'aikata ba ya hannun shugaban sashe. Abin da zai iya yi shi ne ya rubuta takarda mai ɗauke da alƙaluma ta hannun shugaban tsangaya, ya ajiye kwafi, ya riƙa bibiya. Haka ma rufin aji da ke yoyo da matsalar wuta: a rubuta wa sashen ayyuka, a bi sawu, amma kada a gina tsarin a kansu.

Abin da ya haye dukkan tambayoyin uku a wancan misali shi ne sakamakon ɗalibai 38. Yana cutar da mutane yanzu, mafi yawansa a cikin kabad ɗin sashe yake, kuma ana iya ƙirga ci gabansa kowane mako. Na biyu shi ne sake raba kundin binciken 'yan ajin ƙarshe, na uku kuma shirya rabon kwasa-kwasai na zango mai zuwa. A ganina uku ne iyaka, kuma ɗaya daga cikinsu ya zama wanda ɗalibai za su ji a jikinsu. Ka kai su taron sashe a farkon wata na biyu tare da shafin alƙalumanka. Kada ka ambaci sunan kowa a matsayin mai laifi, kada kuma ka soki wanda ka gada, wanda galibi yana zaune a cikin ɗakin. Kafin a tashi, kowane aiki ya sami mai shi da wa'adinsa a rubuce.

8. Yaya ake warware sakamakon da ya maƙale?

Da farko ka san hanyar da maki yake bi. Malami yana miƙa wa jami'in jarrabawa, taron sashe ya duba, ya wuce taron tsangaya, sannan majalisar malaman jami'a ta amince. Sai bayan wannan amincewa ne sunan ɗalibi yake shiga jerin da ake aika wa hukumar yi wa ƙasa hidima. Don haka maki ɗaya da ya ɓata yana iya sa ɗalibi ya ga abokan karatunsa sun tafi sansani shi yana gida, iyayensa suna zaton faɗuwa ya yi yana ɓoyewa.

Kada ka tunkari mutum 38 a dunƙule. Ka sa jami'in jarrabawa da mai kula da aji su buɗe layi ɗaya ga kowane ɗalibi, da lambarsa da lambar kwas da zangon da aka yi jarrabawar, sannan a duba abu uku a jere: ya yi rajistar kwas ɗin, ya sa hannu a takardar halartar jarrabawa, kuma littafin amsarsa yana cikin ƙunshin? A misalinmu, da aka yi haka sai aka ga 11 sun rubuta lambarsu ba daidai ba, makinsu yana nan ba shi da mai shi. Waɗannan aikin kwana biyu ne. Tara makinsu yana wasu sassa da suka ɗauki kwas a can, sai wasiƙa da bin sawu da ƙafa. Goma sha biyu littattafansu suna kulle a ofishin malamin da ya tafi ƙaro ilimi bai gama dubawa ba. A nan sai a tuntuɓe shi, a buɗe ofis a gaban shaida, taron sashe ya naɗa wanda zai duba da jagoran ba da maki na asali. Shida da suka rage ba su yi rajistar kwas ɗin ba sam, kuma wannan ba abin da sashe zai gyara a ɓoye ba ne. A gaya musu gaskiya da wuri, a nuna musu hanyar da dokar jami'a ta tanada.

Abin da ba a yi, komai tausayi, shi ne ƙirƙirar maki ko kimanta shi daga gwajin cikin zango ba tare da izinin da doka ta tanada ba. Duk gyara ya kasance da takarda, da sa hannun malamin kwas, da ambato a bayanan taro. Ka kuma ƙirga baya daga ranar zaman majalisa: in tsangaya tana zama mako biyu kafin ta, to taron sashenka ya riga na tsangaya da aƙalla mako guda. Sau da yawa aikin yakan kammala amma ya rasa zaman da kwana biyu, ɗalibai su sake jira.

9. Rabon kwasa-kwasai ba adalci a cikinsa. In sauya shi nan take?

In zango ya riga ya yi nisa, a'a. Sauya malami a mako na shida yana rikita ɗalibai, yana ɓatar da makin gwaji, kuma shi ne yake haifar da irin matsalar da ke amsa ta 8. Abin da za ka iya yi yanzu shi ne rage wa masu nauyi wani abin daban, kamar yawan kundin da suke dubawa ko aikin kwamiti, ko ka haɗa su da mai taimaka musu wajen duba littattafan amsa.

Gyaran gaske na zango mai zuwa ne, kuma wata na uku ne lokacin shirya shi. Kafin a raba ko kwas ɗaya, taro ya amince da ma'auni: mafi ƙaranci da mafi yawan nauyin da mutum zai ɗauka, da yadda za a lissafa aji mai ɗalibai 200 idan aka gwada shi da mai 30, da rangwamen da za a yi wa mai riƙe da jarrabawa ko kula da aji. In an yarda da ma'auni tun ba a ga sunaye ba, gardama takan ragu. Ka kuma duba ko sashen yana tafiyar da manhaja biyu a lokaci guda, domin tun da NUC ta fito da sabuwar manhajar CCMAS a Disamban 2022, wadda ta tanadi kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30, an sami lokacin da manyan azuzuwa suke kan tsohuwa ƙanana suna kan sabuwa, kuma ɗalibin da zai maimaita tsohon kwas dole a san wanda zai koyar da shi. Kai ma ka riƙe kwas, kada ya zama mafi sauƙi.

10. An ce tantancewa tana tafe. Tana shiga cikin tsarin?

Ka fara duba ranar. Cikakkiyar tantancewar NUC shekara biyar take yi, ta wucin gadi shekara biyu, kuma shirin da aka hana wa tantancewa ba ya ɗaukar sababbin ɗalibai. Don samun cikakkiya ana buƙatar kashi 70 a jimilla, da kuma kashi 70 a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu: abin da ake koyarwa, da ma'aikata, da gine-gine da kayan aiki, da ɗakin karatu. In saura shekara ko ƙasa da haka, to dole ta zama ɗaya daga cikin abubuwa ukun da ke amsa ta 7. In da sauran lokaci, aikinka a wata ukun nan shi ne ka karanta rahoton da ya gabata, ka fitar da gyare-gyaren da aka ce a yi, ka ga wanne aka yi. Sannan ka sa a fara adana abin da masu tantancewa suke nema wanda ba ya samuwa a dare ɗaya: tambayoyin jarrabawa da jagoran ba da maki, da samfurin littattafan amsa, da rahoton mai jarrabawa na waje, da kundayen ɗalibai, da bayanan taron sashe.

11. Yaya zan yi da kuɗin ofis?

Kuɗin sashe ba su da yawa, amma sun isa su ɓata suna. A makon farko ka je ofishin ma'ajin jami'a ka ji abin da aka ware wa sashen, da abin da ya rage, da iyakar abin da za ka iya kashewa da sa hannunka. Ka tabbata wanda ka gada ya yi bayanin kuɗin kashewar yau da kullum da ya karɓa, da rasitansu, domin ba a sakin sababbi sai an rufe tsofaffi, kuma dokar kuɗi ta gwamnatin tarayya ta ce a rufe su kafin ƙarshen Disamba. Ka buɗe littafi, kowace kashewa da rasit, ko ta takardar bugawa ce ko ta man janareta.

Kada ka bari a karɓi kuɗi daga ɗalibai a hannu ko a asusun wani ma'aikaci da sunan sashe. Tun 2015 kuɗin shigar hukumomin tarayya ta asusun bai ɗaya suke bi. In ka tarar da wata al'ada ta karɓar kuɗin kundi ko na takardun darasi, ka tambayi takardar da ta halatta ta. In babu, ka tsayar da ita a taron farko, tun ba a ce kai ma ka ci ba.

12. Tun da aka naɗa ni ake ta zuwa neman alfarma. Yaya zan yi?

Za su zo, daga unguwa da dangi da surukai da abokan masallaci, wannan yana neman gurbin karatu wa ɗansa, wancan yana so a duba wa 'yarsa maki. Amsar da ka ba mutum na farko ita ce za ta zaga gari, don haka ka shirya ta tun kafin a zo. Ka raba buƙatun gida biyu. Akwai wadda haƙƙin mutum ce ta maƙale, kamar makin da bai fito ba ko takardar da ta kwana a tebur. Wannan ka yi ta da sauri, ga wanda yake da hanya da wanda ba shi da kowa. Akwai kuma wadda take nufin a ɗauki abin wani a ba wani, ko a sauya maki. Wannan ka ƙi ta da fuska a sake, ka yi bayani: "Kawu, maki ba a hannuna yake ba, sai ya bi ta taro uku, kuma duk wanda ya taɓa shi aikinsa ne a kan layi. Amma in yarinyar tana ganin an zalunce ta, akwai hanyar neman a sake duba takardarta, zan nuna mata." Gurbin karatu kuma ta tsarin JAMB da kwamitin jami'a yake bi, ka faɗi hakan yadda yake.

Ka kuma tsayar da lokacin ganin ɗalibai da baƙi, misali awa biyu sau biyu a mako, ka liƙa a ƙofa, ofis a buɗe, sakatare yana kusa. In ba haka ba yininka zai ƙare a gaisuwa.

13. Yaya takardar tsarin za ta kasance, kuma ta yaya zan gane tana aiki?

Shafi biyu sun isa. Na farko alƙaluman da ke amsa ta 6. Na biyu layi-layi: aikin, da adadin da aka fara da shi, da adadin da ake so a kai, da mai alhakinsa, da makon da zai kammala. "Inganta harkar jarrabawa" ba aiki ba ne, domin ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. "Rage masu sakamako maƙale daga 38 zuwa 6 kafin zaman tsangaya na mako na goma sha ɗaya, a hannun jami'in jarrabawa" shi ne aiki. A ƙasa ka rubuta abubuwan da ka jinkirta da dalilin jinkirin. Ka nuna wa shugaban tsangaya daftarin a wajen kwana na talatin, kafin ya je taron sashe.

Kowace Alhamis ka ware rabin awa da sakatare da jami'in jarrabawa ku duba lambobin. In mako biyu suka wuce lamba ba ta motsa ba, akwai dalili, kuma galibi ɗayan uku ne: aikin ba shi da mutum ɗaya da ke da alhakinsa, ko yana jiran wani ofis ba wanda ke bin sawu, ko kai ne ka riƙe shi a teburinka. Wasu alamun kaucewa su ne ka ga kai kaɗai kake kwana a ofis kana shigar da maki, ko taro ya daina cika, ko malamai su fara kai ƙorafi wurin shugaban tsangaya ba su biyo ta wurinka ba. Wannan na ƙarshe yana nufin ka koma zagayen da ke amsa ta 4.

A kwana na casa'in ka rubuta rahoto na shafi ɗaya ga taron sashe da shugaban tsangaya: ga inda aka fara, ga inda aka kai, ga abin da bai yiwu ba da dalilinsa. A misalinmu zai iya cewa an fitar da sakamakon mutum 29, uku suna jiran wani sashe, shida an sanar da su matsayinsu. Kundin da ya fi yawa a hannun malami ɗaya ya sauko daga 22 zuwa 12. Rabon zango mai zuwa ya wuce taro. Takardar neman ƙarin malamai kuma tana ofishin magatakarda ba a amsa ba tukuna. Ka sa kwafin rahoton a cikin sabon fayil, ka rubuta a bayansa cewa na miƙa ragama ne, ka riƙa ƙara masa takarda a ƙarshen kowane zango.